Zuciya na gudu 112 a zaune: zafin Jidda ne ko a je gwajin tayirod?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ƙanwata ce, shekarunta 34. Wata biyu ke nan zuciyarta na bugawa da sauri, na'urar awon jini ta gida tana nuna 108 zuwa 112 tana zaune, jinin kuma 140 bisa 60. Tana ci sosai amma ta zube kilo 6. Wata ta ce mu gwada tayirod, ƙullutun nan na gaban wuya, mijinta ya ce zafi ne da gahawa. Me za mu yi?

Alhaji Bala direba: Wa alaikumus salam. Ni ina bayan mijinta. Duk wanda ya yi bazara a Jidda ya san yadda gumin nan ke tsotse mutum. Ni kaina in na wuni a mota ban sha ruwa ba, zuciyata har a kunne nake jin ta. Ga gahawa, ga shayi, ga tunanin gida da na iƙama. Ta sha ruwa, ta rage gahawa, ta kwantar da hankalinta. Ba kowane bugun zuciya ake kai wa mustausaf ba.

Hajiya Kande: 'Yar nan, duba wuyanta. A Mai Wurno ta Sudan na tashi, kuma na ga masu maƙoƙo da yawa cikin mutanen da ke zuwa daga Darfur. Ciwon wuya ba ya ɓuya. In babu kumburi, ku nemi dalilin a wani wuri.

Sista Rabi: Baba Alhaji, abin da ka faɗa yana faruwa, ban musa ba. Ƙishirwa, zazzaɓi, ƙarancin jini da gahawa duk suna sa zuciya gudu. Amma kai in ka shiga inuwa ka sha ruwa ka huta, bugun yana sauka. Na tayirod ba ya sauka, kuma nan ne bambancin yake. A sashen masu ciwon zuciya nake aiki, muna auna bugun marasa lafiya cikin dare suna barci. Mai lafiya, ko wanda fargaba ce kawai ke damun sa, da ya yi barci sai ka ga bugun ya koma sittin da wani abu, wani ma ƙasa da haka. Wanda tayirod ɗinsa ya yi yawan aiki kuwa, yana sharar barci zuciyar na 90 ko fiye.

Dalili shi ne sinadarin da wannan ƙullutu na gaban wuya ke zubawa cikin jini yana shiga naman zuciya kai tsaye. Yana gaggauta wurin da ke tayar da bugu, yana kuma sa zuciyar ta riƙa saurin amsa sinadarin firgita na jiki, ko da babu abin da ya firgita mutum. Sinadarin kuwa dare da rana yana cikin jini, shi ya sa hutu ba ya kawar da shi.

Sannan Maman Ilham, lambar nan 140 bisa 60 ita ta fi tsaya min. Ta sama ta hau, ta ƙasa ta sauka, tazarar 80 ke nan, alhali a yawancin mutane wajen 40 take. Zuciya na turo jini da ƙarfi, jijiyoyin fata kuma sun saki sun buɗe don fitar da zafi. In kika kama wuyan hannunta za ki ji bugun cike yake, yana ture yatsa. Mai ƙishirwa nasa siriri ne, sai kin lalubo shi.

Alhaji Bala direba: To ramar fa? Cin abinci ana ramewa ai suga ne. Haka ya fara wa wana.

Sista Rabi: Wannan gaskiya ce, kuma a haɗa da gwajin suga, jini ɗaya za a ɗiba. Sai dai mai suga ƙishirwa da yawan fitsari ne ke kan gaba. Maman Ilham, ki duba min abubuwa kaɗan yanzu in tana kusa. Yaya take da mukayyif, ita ce mai ƙara sanyi kowa na neman bargo? Taɓa tafin hannunta. Sannan ta miƙe hannuwa gaba, ta ware yatsu, ki ɗora farar takarda a bayan hannun ki gani.

Maman Ilham: Sista, kamar kina gidan. Rigimarsu da yara kullum a kan mukayyif ne. Hannunta da ɗumi, jiƙe da gumi. Takardar kuma karkarwa take yi ƙasa-ƙasa, sai da na matso na gani. Ta ce ma bayan gida sau uku ko huɗu take zuwa a rana, ba gudawa ba ce, kuma al'adarta ta ragu. In ta tashi daga sujada sai ta dafa ƙasa da hannu biyu, cinyoyinta ba ƙarfi. Wuyan dai ban ga komai ba.

Sista Rabi: Wannan ya isa a yi gwaji, kar a jira. Mai fargaba ma yana gumi yana rawar hannu, amma tafinsa sanyi ƙalau yake. Ɗumi da danshi tare, ga rama ana ci, ga raunin cinya, ga al'ada ta ragu, duk hanya ɗaya suke nunawa.

Hajiya, ki gafarce ni, zan ɗan saɓa miki. Maƙoƙon da kika gani a Sudan gaskiya ne, yawancinsa ƙarancin aidin a abinci ke kawo shi, kuma da yawa daga masu shi zuciyarsu lafiya lau take bugawa. Girman ƙullutun daban, yawan aikinsa daban. A mace mai shekarun wannan, abin da ya fi kawo yawan aikin shi ne garkuwar jiki ce ke zuga ƙullutun, kuma kumburin kan zama kaɗan ainun, sai likita ya tsaya a bayanta ya taɓa yayin da take haɗiyar ruwa. Fitowar ido ma da mutane ke jira ba kowa ke yin ta ba.

Hajiya Kande: To, Allah ya ƙara sani. Amma ni har yanzu a raina, ciwon da ido bai gani ba a wuya, da wuya in ce na wuya ne. Ku gwada dai, ba ta ɓaci.

Anti Ladi: Ni ma ina da tayirod shekara da shekaru. Ƙwaya ɗaya nake sha da asuba kafin karin kumallo, shi ke nan. Ina da ragowar kwali, in tana so in aiko mata ta fara kafin su samu ganin likita.

Sista Rabi: Anti, don Allah kar ki aika. Na san da zuciya ɗaya kika faɗa, amma naki ƙarancin aiki ne, ƙwayarki ƙarin sinadarin ce. Ita kuwa muna zargin yawa ya yi mata. Ba ta wannan ƙwayar kamar zuba fetur ne a wutar da ke ci. Ke ai kafin magani sanyi kike ji, jiki na nauyi, zuciya na tafiya a hankali, ko ba haka ba?

Anti Ladi: Haka ne wallahi, har ƙiba na yi. Na ɗauka duk ciwo ɗaya ne.

Malam Auwal na saidaliyya: Ni ina tsakiya. Gwajin yana da kyau, amma akwai ƙwayar rage gudun zuciya irin wadda ake ba masu hawan jini, likitoci ma ita suke fara ba masu tayirod. Tana saukar da bugun da rawar hannu cikin kwana ɗaya ko biyu. Mutanenmu da yawa ba su da inshora. Me zai hana ta fara da ita, in ta ji daidai a bar maganar?

Sista Rabi: Malam, kashin farko na maganarka daidai ne, ana ba su. Amma ƙwayar toshe hanyar saƙon kawai take yi, ƙullutun na nan yana ta zuba. Bugun zai koma 80, kowa ya ce an warke, rama da zaizayar ƙashi na ci gaba. Kuma mai asma tana iya shaƙe shi, ba a ba shi sai likita ya duba.

Abin da nake tsoro shi ne ranar da bugun zai daina tafiya a jere. Kusan mutum 1 cikin 10 na masu wannan ciwo, ko ma fiye, ɗakunan sama na zuciyarsu kan koma karkarwa maimakon matsawa, sai bugun ya zama ba tsari: biyu a guje, tsayawa, uku, ɗaya mai rauni. Jini kan kwanta a ciki ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ya fi yawa ga waɗanda suka haura 60, su kuma tsofaffi sau da yawa ba gumi ba rawar hannu, sai kasala da rama da wannan hargitsattsen bugu. Na'urar gida tana ruɗewa da irinsa, don haka a sa yatsu biyu a ƙirga minti ɗaya cur, a kuma lura ko a jere yake.

Gwajin kansa jini ne kaɗan daga hannu, ba ya buƙatar a je da azumi. A takardar za ku ga TSH. Shi ne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa ƙullutun cewa ya yi aiki, to in aikin ya yi yawa sai ta janye saƙon, lambar ta faɗi. Na mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4 ko kusa da haka, na mai yawan aiki kan sauka ƙasa da 0.1, sinadaran ƙullutun, wato T4 ko T3, kuma su hau. Kar ku ga ƙaramar lamba ku ce tayirod ɗin ne ya yi rauni. Ta nemi a haɗa da awon yawan jini da ECG, wato hoton bugun zuciya, in kuma akwai yiwuwar ciki ta faɗa tun farko, tunda al'ada ta canja.

Malam Auwal na saidaliyya: Na ƙara abu ɗaya da nake gani a kantin magani. Mata na sayen bayotin don gashi da farce. Yana ɓata wannan gwajin a wasu na'urori, ya nuna ciwon da babu. Ta ajiye shi kwana biyu zuwa uku kafin a ɗibi jinin. Amma Sista, har yanzu ban yarda duk wanda bugunsa ya haura 100 sai ya biya kuɗin gwaji ba.

Sista Rabi: Ban ce kowa ba. Wanda ya hau bene ko yake zazzaɓi, a jira ya huce a sake aunawa. Wanda ya yi makonni yana sama da 100 a kwance da safe kafin shayi, ko da babu wata alama, ni zan tura shi. In bugun ba tsari kuwa, ko sau ɗaya ne, babu jira.

Malam Auwal na saidaliyya: Na hargitsattsen na yarda. Na farkon, in babu rama babu gumi, ni awon yawan jini zan sa a gaba, don ƙarancin jini ya fi yawa a matanmu.

Alhaji Bala direba: Ku dai ku ƙarata. Maman Ilham, ki ce wa mijinta in da safe za su, ni zan kai su. Gahawar dai ta rage.

Sista Rabi: Ta rage, a nan ba mu da saɓani, tana ƙara wa bugun gudu. Maman Ilham, kafin ranar gwajin, in ta yi zazzaɓi mai zafi da bugu wajen 140, ko ta fara ruɗewa, ko ciwon ƙirji, numfashi na yankewa ko suma, ku kira motar asibiti a 997 nan take. Yau da dare kuma in ta yi barci ki ƙirga mata, ki rubuta lambar ki kai wa likita.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Bayotin ɗin tana sha, yanzu na karɓe kwalbar. Alhaji, mu sa ranar Lahadi bayan sallar asuba.