Ƙanwata tana faɗuwa, kaka ta ce iskokin gado ne

Yayar Ummi: Assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Ƙanwata ce, shekararta 16, ni nake riƙe da ita tun rasuwar mahaifiyarmu. Da ƙaramar Sallah ta fita zubar da ruwan wanke-wanke da almuru, a bayan gida gindin tsamiya, sai ihun yara muka ji, muka tarar da ita a ƙasa tana karkarwa. Daga ranar zuwa yau sau biyar ke nan. Maigidana ya kawo mai ruƙiyya, ya zo sau uku, ya yi hayaƙi, ya ce aljani ne kuma ya fita ta babban ɗan yatsan ƙafa. Kwana tara ta sake faɗuwa, a bakin murhu. Kakarmu ta wajen uwa ta zo daga ƙauye ta ce ba a korar waɗannan, na gado ne, uwarta ma suna kanta, Inna ce take neman a san da ita. Ta ɗaura mata laya a ƙugu, ta ce a yanka baƙar akuya a yi girka. Maigidana ya ce in aka yi haka a gidansa ba da shi ba. Kaka kuma ita ta raine mu, ban taɓa ce mata a'a ba. Ya zan yi?

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, maganar ba ta da tsawo. Almuru, gindin tsamiya, zubar da ruwa ba bismillah: kin riga kin faɗi dalilin da bakinki. Annabi (SAW) ya ce a tsare yara a gida idan dare ya kawo kai saboda shaiɗanu suna bazuwa a lokacin, a rufe ƙofa da sunan Allah, a rufe kwanuka. Shafar aljani ce, ba shakka. Akuya kuwa kada ki kuskura. Hadisin Aliyu a Sahihu Muslim ya ce Allah ya la'anci wanda ya yi yanka don wanin Allah. Ki duba Suratul Jinni aya ta 6: mutane suna neman tsari da aljanu, sai suka ƙara musu wahala. Ki kwance layar nan yau ɗin nan ki ƙona. Safe da yamma ta karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi sau uku-uku. In za ta kwanta ta tofa su a tafin hannu ta shafe jikinta, ta ƙara da Ayatul Kursiyyu da Amanar Rasulu. Mai ruƙiyyarku ne bai iya ba.

Maman Hanif: Wayyo, ni ma haka aka yi min. Jinnul ashiƙ ne wallahi. Shekara shida duk wanda ya fito neman aurena sai ya gudu bayan an sa rana, dangin babana suna ta yi min dariya, har da matar kawuna da nake zargin ita ta sa hannu. Sai da na yi wanka da ganyen magarya bakwai na sati guda. Ki tambaye ta ko tana mafarkin namiji.

Yayar Ummi: Maman Hanif, ba maganar aure ba ce, yarinya ce 'yar makaranta. Malam, azkar muna yi tun kafin wannan, Islamiyya take zuwa, izu goma ta haddace. Layar kuwa ba zan iya cirewa kaka tana gidan ba.

Malam Na-Zaure: Abu Sumayya, a yi a hankali da cewa a ƙona. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a gaban iyayenmu, an ce babu laifi a yi tofi da littafin Allah da kyakkyawar magana, kuma babu laifi a rataya laya in Alƙur'ani ne a ciki. Na san akwai malaman da suka hana gaba ɗaya, saɓani ne tsoho. Abin yi, ki farke fatar ki ga me ke ciki. In ayoyi ne da ake iya karantawa, wannan daban. In kika ga gashi, ko farce, ko sunayen da ba a san ma'anarsu ba, to ba ta malamai ba ce. Maganar akuya dai ina tare da kai.

Abu Sumayya: Malam, tsohuwar da take kiran Inna ita ce za ta kawo layar Alƙur'ani? Mu daina yaudarar kanmu.

Hajiya Ta-Maraɗi: 'Yata, bari in gaya miki abin da kakarki take nufi, don na ga kamar ba ki san girman abin da ake shirin sa yarinyar nan ba. Ni a gidan bori aka haife ni, gwaggota ce take hawa, na sha zama a gefen masu goge ina ƙarama. Girka ba cire iska ba ce, daidaitawa ce. Ana killace mutum kwanaki, ana ba shi jiƙo da hayaƙi, ana kaɗa wa kowane iska taken sa har a ga wanda zai hau. Daga nan yarinya ta zama goɗiyarsa, shi ke nan har mutuwa. Tana da kayansa da za ta ajiye, tana da yankan da za ta riƙa yi masa, in ta yi sake a ce ya yi fushi. A wurinsu iskoki gari ne guda, Jangare, da sarkinsu da gidajensu, kowa da cutar da yake sawa kuma shi ne mai maganinta: Kuturu, Ɗan Galadima, Sarkin Rafi, Malam Alhaji mai tari da carbi. Inna kuwa shanye jiki aka san ta da shi, shi ya sa har gobe muke ce wa ciwon nan na yara shan inna. To ga shi allurar rigakafi ta yi maganinsa, ban ji an ce Inna ta kai ƙara ba.

Kada ki ɗauki kakarki muguwa. Ita a ganinta mai ruƙiyya faɗa ya je ya tono da waɗanda ya kamata a lallaba, tsoro ne ya kawo ta. Gwaggota ma tana salla tana azumi, ba ta taɓa ganin ta bar Musulunci ba, sai dai ta mutu ba ta da ko tunkiya, duk sun tafi a yanka. Amma ni abin da ya tsaya min, na ga hawan bori ba adadi. Wanda iska ya hau yana magana, yana canza murya, yana neman kayansa, in zai sauka a yi atishawa. Taku tana magana in ta faɗi?

Yayar Ummi: A'a Hajiya, ba ta cewa komai. Ƙara ɗaya take yi sai ta sandare, sannan jikin ya kama fizga, kumfa a baki. Sau biyu ta yi fitsari a jikinta, ta kuma ciji harshe. Ba ya wuce minti biyu. Sai ta yi barci mai nauyi, in ta tashi ba ta tuna komai sai ciwon kai. Amma ranar da mai ruƙiyya ya matse mata yatsa ta yi magana, ta ce zan fita.

Sista Bilki: Yayar Ummi, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da kika lissafa yanzu, ɗaya bayan ɗaya, haka farfaɗiya take zuwa. Sandarewa, fizga, cizon harshe, fitsari, barci bayan nan, rashin tunawa. Ban ce babu aljanu ba, ni ma ina azkar ɗina. Amma ki tuna matar nan da Ibn Abbas ya nuna wa Aɗa'u ya ce 'yar Aljanna ce: ta zo ta ce tana faɗuwa har tsiraicinta ya bayyana, Annabi (SAW) ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da addu'a. Ba a doke ta ba, ba a shaƙa mata hayaƙi ba. Batun ta ce zan fita, ki rufe 'yar shekara 16 a ɗaki da hayaƙi, namiji yana murɗa mata yatsa yana cewa za ka fita ko ba za ka fita ba, me kike so ta ce?

Abin da ya fi tayar min da hankali bakin murhun nan. Daga yau ba ita ba girki, ba ita ba jan ruwa a rijiya, in za ta yi wanka kada ta sa sakata. In ta faɗi ku kwantar da ita ta gefe, ku sa tsumma ƙarƙashin kanta, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu sai ta farfaɗo sarai, don zai iya bi ta hanyar numfashi. Yawun ba ya sa wa kowa ciwon, kada a guje ta. In fizgar ta wuce minti 5, ko ta sake faɗuwa ba ta dawo hayyacinta ba, asibiti kai tsaye. In wani zai iya, ya ɗauki bidiyo a waya likita ya gani, yana taimakawa ƙwarai, kuma wataƙila a rubuta muku gwajin EEG, wato na duba aikin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Kun taɓa zuwa asibiti kuwa?

Yayar Ummi: Mun je bayan faɗuwa ta biyu. Likitan ko minti biyar bai yi da mu ba, ya rubuta wata ƙwaya. Ta sha sati biyu, kullum barci da jiri, ga jarrabawa, sai na ce ta bari. Kuma tana sha ɗin ma ta faɗi sau ɗaya, kun ga ai ba ta yi ba.

Sista Bilki: Wannan ai shi ya kamata ki fara faɗa mana. Ba a yanke maganin farfaɗiya lokaci guda, hakan kaɗai yana iya jawo faɗuwa mai muni. Da kaɗan ake farawa ana ƙarawa, barcin kuma yakan ragu in jiki ya saba, in bai ragu ba a canza wani. Ki koma da kwalin, ki ce a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Abu Sumayya: Sista, ku komai farfaɗiya. Ibnul Ƙayyim ya ce faɗuwa iri biyu ce, ta ciwon jiki da ta aljanu. Me ya sa sai da almuru, me ya sa sai gindin tsamiya? Injinku zai nuna wannan?

Sista Bilki: Ta biyar ɗin a bakin murhu ce, Malam, ba tsamiya a wurin. Kuma tunda ka yarda iri biyu ce, me ya hana a duba ta jikin? Ta sha magani, ta yi Ayatul Kursiyyu, wanne ya hana wani?

Maman Hanif: Ni dai asibiti ba abin da suka yi min sai cin kuɗi.

Yayar Ummi: Likitan ƙwaƙwalwa kuma? In aka ji mun kai ta can, a unguwa cewa za a yi ta haukace, wa zai aure ta? Ku ba ku san unguwarmu ba. Ni ba ƙin asibiti na yi ba, na kai ta da kuɗina, ba wanda ya taimaka min da ko kwabo.

Hajiya Ta-Maraɗi: 'Yata, in an ce 'yar bori ce fa, wa zai aure ta? Ki samu kawunku ko wani babba da kaka take jin nauyinsa, ba ke za ki fuskance ta ba. A ce mata a ba likita wata uku tukuna. Akuyar in ta riga ta saya, a yanka da sunan Allah a raba wa almajirai sadaka.

Abu Sumayya: Hajiya, in niyyar tsohuwar Inna ce, sunan da aka ambata a baki ba zai gyara ba.

Yayar Ummi: Na gode muku duka. Kawu yana Legas, ba ya ɗaga waya. Layar ban buɗe ba tukuna, Ummi ta ce tun da aka ɗaura mata ta fi samun barci. Kaka ta aika ƙauye a kawo akuyar ranar Juma'a, maigidana kuma tun jiya bai ci abincina ba.