Mun koma tuwon alkama, amma sugan Baba ya ƙi sauka

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata huɗu ke nan da aka gano Baba yana da ciwon suga, yana shan metfomin safe da dare. Tun ranar da muka dawo daga asibiti 'yan dubiya suka ce a raba shi da masara da dawa, a koma alkama. Muka koma. Wallahi kuɗin alkamar nan ya fara gagarata, ga tukunya biyu kullum, tasa daban tamu daban. Jiya na gwada shi awa biyu bayan tuwon dare, na'ura ta nuna 262. To ina amfanin wahalar? Me kuke ba naku?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. 'Yar nan, acca za ki nema. Ni shekara shida ina fama, da acca nake rayuwa, tuwonta da fatenta. Alkamar kasuwa ai yanzu duk haɗi ce.

Baban Sadik: A jiƙa masa shuwaka ya riƙa sha da asuba. Kuma a rage masa gishiri da maggi sosai.

Maman Iman: Baban Sadik, suga ne ba hawan jini ba. Hajiya, idan alkama ta gagare ni ai acca sai dai kallo.

Anti Nas: Amin wa alaikumus salam. Maman Iman, kafin a sauya miki hatsi na uku, malmala nawa Baba ke ci, kuma girmanta kamar me?

Maman Iman: Biyu, Anti. Irin wadda ake ƙullawa a leda, kowacce ta kusa cika tafin hannu biyu. Cewa aka yi ita alkama ba ta da suga, shi ya sa ba ma hana shi ƙari. Miyar kuma 'yar kaɗan yake so, ta dangwale.

Anti Nas: To ga ɓarawon nan. Garin alkama, na masara, na dawa, na gero, duk kusan kashi bakwai cikin goma nasu sitaci ne, shi kuma sitaci in ya isa hanji suga yake zama ko da harshe bai ji zaƙi ba. Garin alkama giram 100 yana ɗauke da wajen giram 70, na dawa ma haka. Kin sayi mai tsada, sannan kin ninka masa yawa saboda an ce ba komai.

Abu biyu ake dubawa. Na farko gudu, wato saurin da abinci ke tura suga cikin jini. Shi ne za ku ga an rubuta GI a waya. Ana ba mutum abincin da ke da sitaci giram 50, a bi jininsa awa biyu, a kwatanta da tsantsar gulukos da aka ba maki 100. Daga 70 zuwa sama mai gudu ne, 55 zuwa ƙasa mai tafiyar hawainiya. Farar shinkafa da burodi suna saman 70. Burodin da aka yi da niƙaƙƙiyar alkama mai dusa ma yana nan kusa da su, wannan shi ke ba mutane mamaki. Wake yana can ƙasa. Na biyu kuma kaya, wato yawan abin da aka zuba a kwano. Mutanenmu sun riƙe na farko sun saki na biyu, alhali na biyun ne kyauta.

Malamin Lissafi: Anti, ki ba ni dama in sa hannu, nan fagena ne. Ana haɗa biyun da lissafi ɗaya: makin gudu sau giram ɗin sitacin da ke kwanon, a raba da 100. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100 tana da sitaci kamar giram 28, makinta wajen 73. Faranti mai giram 300, wanda ba wani babba ba ne a gidajenmu, sitacinsa 84, lissafi ya ba da 61. Abin da ya kai 20 kuwa an riga an kira shi mai nauyi. A mayar da shinkafar giram 100, lissafi ya dawo 20. Shinkafar ba ta canja ba, ludayi ne ya canja. Sai a cike gurbin da wake, wanda nasa nauyin kaɗan ne, kuma yana riƙe ciki har la'asar. Ni garau-garau na yanzu wake biyu ne, shinkafa ɗaya. Matata ta ce na mayar da shi wake da ɗigon shinkafa.

Direban Tirela: Malam, wa ke da sikeli a kicin? Ni a tasha nake cin abinci. Ku yi mana maganar da mai abinci za ta gane.

Anti Nas: Gaskiyarka, Direba. Dunƙule hannunka. Wannan dunƙulen shi ne tuwonka ko shinkafarka a zama ɗaya, kuma hannun mai cin ake aunawa, ba na mai tuƙin ba. In faranti ne, matsakaici, a raba shi a ido: rabi ganye, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko awara, kwata ɗaya tuwo. A tasha ka ce a zuba maka rabin shinkafa, a ƙara wake da kabeji, ka bar taliya da doyar da ake ɗorawa a kai. Shinkafa da taliya da doya a faranti ɗaya abu guda ne aka sa wa riga uku.

Hajiya Babba: To ni dai acca ta karɓe ni, ba wanda zai ce min ba ta aiki.

Anti Nas: Hajiya, ban ƙaryata ki ba, Allah ya ƙara lafiya. Amma ita ma hatsi ce, sitacinta bai gaza na sauran ba. Na fi zargin faten ne ke taimakonki, don rabin tukunyarsa yakuwa ce da alayyafo da gauta. Da za ki yi gwaten tsakin masara da ganye haka, ki gwada jininki, ina jin ba za a sami tazara mai yawa ba.

Hajiya Babba: Sai dai wani ya gwada, ni ba zan yi wasa da jinina ba.

Ɗan Maraɗi: Sannunku. Wurinmu na'ura g/L take nunawa, sai in ga kuna 262, ni kuwa ina 1,9, har na ɗauka na warke. Tambayata fura. Gero ne, kuma kowa na cewa gero na da kyau.

Malamin Lissafi: Ninka naka da 100. 1,9 ɗinka 190 ne a tasu. Wanda tasa ke nuna mmol/L kuma ya ninka da 18.

Anti Nas: Ɗan Maraɗi, gero na da kyau, amma abin da aka yi masa kafin ya iso bakinka shi ne magana. Duk hatsin da aka surfe, aka niƙe lukui, aka dafa ya yi laushi, an riga an yi wa hanji rabin aikinsa. In kuma aka dama shi ya zama na sha, ba tauna, ya fi saurin wucewa. Shi ya sa koko da kunu ke harba suga ko ba a sa ƙwayar sukari ba, shi ya sa kuma tuwon shinkafa da aka tuƙe ya narke ba zai zo ɗaya da tsaki ba. Burabusko, dambu, biskin gero, waɗannan masu tsaki-tsaki sun fi tafiya a hankali. Furarka ka dama ɗaya ƙarama, nono ya rinjaye ta, ba sukari ba zuma, kuma ka lissafa ta a matsayin abinci, kada ka ɗora ta a kan tuwo.

Maman Iman: Anti, rabin faranti ganye kullum fa? Kabeji da latas da kokwamba su ma kuɗi ne.

Uwar Marayu: Ƙanwata, wa ya ce sai latas? Mijina kafin rasuwarsa shekara tara muna wannan hidima, kuma ba mu da shi. Da damina rama da zogale da tafasa da yakuwa har kyauta ake ba ka. In saya da yawa, in shanya a inuwa a kan tabarma, in ɗura a buhu. Da rani in jiƙa, in tafasa, in matse, in daka ƙuli-ƙuli biyu da albasa da ɗan yaji, kwaɗo ya haɗu. Shi nake fara ajiye masa, sai ya cinye nake kawo tuwon, lokacin idonsa ya riga ya rage girma. Miyar kuka ko kuɓewa kuma in cika masa kwano, ya sha da cokali. Ranar da ba kifi, in watsa dafaffen wake a miyar. Tukunya ɗaya muke yi da yara, dawa ba surfe, a ce wa mai inji kada ya yi laushi sosai. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ranar biki, in aka aiko da waina.

Baban Sadik: An ce ɗumame ya fi sabon tuwo, wai in ya kwana sugan ya mutu.

Anti Nas: Akwai ƙamshin gaskiya. Sitacin da ya dahu ya huce, wani ɗan kaso nasa yana ƙin narkewa a hanji. Amma ragin kaɗan ne, bai kai a ƙara malmala saboda shi ba. Shuwakar kuma kada ta sa a ajiye magani.

Gargaɗi ɗaya, don na san akwai masu karantawa shiru. Baban Maman Iman metfomin kaɗai yake sha, shi da wuya ya faɗar da suga ƙasa. Mai allurar insulin ko mai shan gilibenkilamaid, in ya zabge tuwonsa rabi dare ɗaya maganin yana nan yadda yake, sugansa na iya faɗuwa: rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa, ruɗewa, na'ura ƙasa da 70. A nan sukarin ne magani, ƙwaya huɗu a ruwa, a sake gwaji bayan minti 15. Irin waɗannan su gaya wa likitansu kafin su rage. Mai ciwon ƙoda ma kada ya ɗauki maganar wake da ganyen nan sai ya tambaya.

Maman Iman: Na dawo da rahoto bayan kwana biyar. Na ajiye alkama, mun koma tuwon dawa gaba ɗaya gidan. Daren farko an sha daru, Baba ya kalli malmalar ya ce ko ta Iman ce aka kawo masa bisa kuskure. Na yi dabarar Yaya Uwar Marayu, kwaɗon rama a gaba, miyar kuka da wake a kwanon sha. Awa biyu bayan ya fara ci, 198. Jiya ya taka zuwa masallaci isha'i ya dawo a ƙafa, 176.

Anti Nas: Madalla. Abin da aka fi nema ga yawancin manya shi ne ƙasa da 180 bayan abinci, 80 zuwa 130 kafin a karya, sai in likitansa ya sa masa wani mizani saboda shekaru. Tsinken gwaji na da tsada, kada ki ƙone shi a banza. Zaɓi abinci ɗaya, ki gwada kafin ci da awa biyu bayan loma ta farko, ki rubuta a takarda da abin da ya ci, ki tafi da ita ranar ganin likita.

Direban Tirela: Mai abincin tasharmu ta ce rabin shinkafa ma kuɗin cikakke zan biya, tunda wake ya fi tsada.

Maman Iman: Saura karin safe. Ya ce komai zai bari ban da kokonsa, kofin silba cike, da ƙosai uku. Na ce a juya, ƙosai biyar koko rabin kofi, ya ce sai dai in sha da kaina. Tsinke biyu ya rage min, gobe zan gwada shi a kan kokon ya gani da idonsa.