Kwastomomi na cewa rubutun karosel ɗina ba ya karantuwa a wayarsu

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da turaren wuta da humra, kuma ni nake haɗa karosel ɗina na Instagram, wato jerin hotunan da ake ja ɗaya bayan ɗaya, a Canva, fiksel 1080 × 1350. Rubutun ruwan gwal ne a kan ruwan madara, kaya goma sha biyu da farashinsu a shafi ɗaya. A kwamfuta tas yake fita, amma kullum sai an biyo ni ta saƙo ana tambayar farashin da na riga na rubuta. Don Allah wane girma zan sa, kuma wane launi?

Bash Dizain: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki riƙa sauke hoton da babban girma, ki ninka shi biyu ko uku kafin ki ɗora. Yawanci ƙarancin fiksel ne ke sa rubutu ya dishe.

Malam Nura: Bash, wannan maganin rubutun da ya dishe ne, na Hajiya kuwa ƙanƙanta ya yi. Ko ta ninka shi sau goma, a cikin faɗin wayar nan dai zai zauna, kuma Instagram zai rage shi da kansa.

Hajiya, ga lissafin da nake aiki da shi. Shafinki fiksel 1080 ne a faɗi, amma yawancin ƙananan wayoyin Android, irin su itel da Tecno da ke hannun mutanenmu, ma'aunin da manhaja ke shimfiɗa kaya da shi a faɗinsu wajen 360 ne. Kenan duk girman da kika sa, ki raba shi uku, shi ne abin da kwastoma ke gani. Rubutun da waya ke nunawa a saƙonni yakan kama 14 zuwa 16 a wannan ma'auni. In kina so naki ya kai haka, sai ya zama fiksel 42 zuwa 48 a shafinki. In kin sa 24, takwas ya koma. A waya mai inci biyar, wadda faɗin fuskarta bai wuce santimita shida da 'yan kai ba, ƙaramin baƙi kamar a ko n a wannan girman ba ya kai milimita ɗaya.

Amma kar ki dogara da lambar da manhaja ke nuna miki, don 40 ɗin wannan manhajar ba lallai ya zama 40 ɗin waccan ba. Ki buɗe shafin nan, ki zaɓi layin da ya fi tsawo, ki ƙirga baƙaƙensa har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ki faɗa mana nawa ne.

Maman Hanifa: Na ƙirga Malam. Saba'in da huɗu ne, kuma ya cika shafin daga gefe zuwa gefe.

Malam Nura: To ga amsar nan. In kin bar gefe na fiksel 90 dama da hagu, saura 900. Ki raba 900 da 74, kowane baƙi ya samu kamar 12. A yawancin salon rubutu faɗin baƙi kusan rabin girman rubutun ne, don haka naki wajen 24 yake. Ki yi ta ƙara girma har layin da ya cika shafi ya daina ɗaukar fiye da baƙaƙe 35 zuwa 40. Da kin kai nan kin shiga 45, ko da wace manhaja kike aiki.

Na san abin da zai biyo baya: kayan ba za su shiga ba. Kar ki matse su. Ki raba sha biyun nan shafi uku, huɗu-huɗu. Instagram yana karɓar har shafi 20, ba ki da ƙarancin wuri. A kowane shafi, kanun ya zama 80 ko sama, sunan turaren 48, farashin 60 kuma mai kauri, tunda shi ake nema. Bayanin ƙamshi da girman kwalba ya sauka 42, kar ya yi ƙasa da haka. Tazarar layi ki bar ta a 1.3 ko 1.4. Lambar waya kuma, wadda kowa ke cusawa a ƙasa da ɗan mitsitsin rubutu, ki ba ta girman farashi, ki rarraba ta gida-gida. Wanda ya ɗauki 8 a matsayin 3 ba zai same ki ba, kuma ba za ki taɓa sani ba.

Alhaji Ɗanjuma: 'Yata, abin ai mai sauƙi ne. Nima da ba na gani, sai yarona ya shiga Settings ya ƙara min girman rubutu, yanzu ko tabarau ba na sawa. Ki ce su yi haka.

Ummi Zinder: Baba Alhaji, wannan yana ƙara rubutun saƙo ne da na bayanin da ke ƙarƙashin hoto. Abin da aka rubuta a jikin hoto ya zama hoto, ba ya motsi. Sai dai mutum ya buɗa da yatsu biyu, kuma mai wucewa da sauri ba zai tsaya yin haka ba.

Malam Nura: Haka ne Ummi. Saura launi, kuma ina ganin nan ya fi yi wa Hajiya ɓarna. Ido ba launi yake bi wajen karatu ba, bambancin haske yake bi tsakanin rubutu da bayansa. Ana auna shi daga 1:1, wato launi ɗaya a kan kansa, zuwa 21:1, baƙi a kan fari. Ƙa'idar WCAG, wadda ake bi don sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta ce rubutu na yau da kullum ya kai 4.5:1, manya kuma 3:1. Ban san ainihin lambar launukanki ba, amma na ɗauki gwal ɗin da aka fi amfani da shi, `#D4AF37`, na ɗora a kan ruwan madara `#FFF8E7`. Abin da ya fito kusan 2:1 ne. Ko na manyan baƙaƙe bai kai ba. Ki mai da shi fari a kan gwal ma duk ɗaya, 2.1:1.

Ba sai kin rabu da gwal ɗinki ba, wuri za ki canja masa. Ki ɗauki ruwan ƙasa mai duhu, `#3E2723`. A kan ruwan madarar nan yana ba da wajen 13:1. In kuma kin juya, bayan ya zama ruwan ƙasar, gwal ya hau kansa, za ki samu kamar 6.6:1, ya wuce ƙa'ida kuma ya fi kama da kayan turare. Ni da ni ne, shafin farko zan yi duhu da kanun gwal, shafukan farashi kuma ruwan madara da rubutu ruwan ƙasa, gwal ya tsaya a layin ado da tambari. Kina iya gwada kowane biyu da kanki a shafin intanet na WebAIM Contrast Checker, lambobin launi biyu kawai ake sawa.

Wani abu kuma: rangwamen 3:1 ɗin nan na manyan baƙaƙe ne a idon mai karatu, wato 24, ko wajen 19 in mai kauri ne. A shafinki sai kin ninka uku, 72 ko 56. Rubutu mai 48 a Canva yana yi miki kama da babba, amma a wurin kwastoma ƙarami ne, 4.5 ɗin ce ta hau kansa. Ni ma don farashi 7:1 nake nema, saboda mai karatun ƙila yana cikin a-daidaita-sahu da rana tsaka, ya rage hasken waya don caji, ga gilashin kariya ya kakkarce.

Ummi Zinder: Bari in kawo tawa matsalar tunda ana maganar. Ni darasin girki nake ɗorawa da Hausa. Na sa wani siririn salo mai kyau, sai na ga duk inda ƙ ko ɗ ta zo, ta fito daban da sauran, ta fi su kauri kamar an aro ta. Wata rana ma akwati ne ya fito a wurin ɓ. Ga shi a ƙaramar waya lanƙwasar ba ta ganuwa, "ƙara gishiri" ya koma "kara gishiri".

Malam Nura: Aro ta aka yi kuwa. Salon ba shi da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, sai manhajar ta ɗauko daga wani salon, in ta rasa ta sa akwati. Kafin ki zaɓi salo, ki buga ƙ ɗ ɓ Ƙ Ɗ Ɓ, ke da kike Nijar ki ƙara da ƴ, ki duba ko sun yi jiki ɗaya da sauran. Noto Sans da Andika suna da su duka. Lanƙwasar ɗan ƙaramin abu ce a saman baƙi, ita ce farkon ɓacewa in rubutu ya sirance. Ki guji Thin da Light, ki tsaya a Regular ko Medium.

Bash Dizain: Na yarda da batun girma, amma Malam kar a raina matsewar hoto. Duk abin da aka ɗora sai an matse shi, WhatsApp ma ya fi tsanani in ba a danna HD ba. Siririn jan rubutu a kan baƙi ko shuɗi shi ya fi shan wahala, don matsewar tana rage bayanin launi fiye da na haske, sai gefen baƙaƙen ya yi kamar an zuba masa ruwa. Kuma Hajiya in za ki rubuta a kan hoton kasko da hayaƙi, kar ki dogara da inuwar rubutu. Hoto wani wurin haske ne wani wurin duhu, rabin kalma ya fito rabi ya nutse. Ki shimfiɗa faifai mai launi ɗaya a ƙarƙashin rubutun.

Malam Nura: Wannan gaskiya ne, ba ni da ja.

Anti Rabi: Ni dai shawarata a daina baya mai duhu gaba ɗaya. Farin rubutu a kan baƙi yaɗuwa yake yi min a ido, layi uku na karanta sai in ji jiri. Yayata ma haka take cewa.

Bash Dizain: Anti, amma da dare fa? Farin shafi kashe ido yake, mutum ya wuce da gudu. Nawa masu duhun sun fi samun shiga.

Anti Rabi: Naka samari ke kallo. Masu sayen humra mu ne.

Malam Nura: Lissafin dai bai raba muku gardama ba, lamba ɗaya yake bayarwa ko an juya launukan. Akwai masu larurar ido da farin rubutu a kan duhu ke yi musu yaɗuwa da gaske, shi ya sa na ce duhun ya tsaya a shafin da kalmominsa kaɗan ne kuma manya. Hajiya, kafin ki ɗora, ki tura wa wayar da ta fi kowace ƙanƙanta a gidan, a rage haskenta zuwa rabi, a fita tsakar gida, a miƙa wa wanda bai san farashin ba ya karanto miki da baki ba tare da ya buɗa hoton ba.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na raba shi uku, na sa ruwan ƙasar, layin yanzu baƙaƙe 38 ne. Goggo ta karanto farashin duka a ƙaramar wayarta, sai a sunan shagon ta tsaya, don shi na bar shi da rubutun nan mai kama da na hannu. Tambarina ne kuma ba na son canja shi. In ƙara masa girma kawai, ko in sake rubuta sunan a ƙasansa da Noto Sans?

Bash Dizain: Turo shi in gani tukuna, Hajiya.