Hutun kwana uku ba biya, amma abin da aka cire ya ƙi daidaita

Sagir: Salamu alaikum jama'a. Watan jiya na ɗauki hutun kwana uku ba biya, ina jinyar mahaifiyata. Albashina kafin a cire komai 132,000 ne. Na raba shi gida 30, kowane kwana ya kama 4,400, kwana uku 13,200 ke nan. Da takardar albashi ta fito sai na ga an zaftare 18,000. Ina 4,800 ɗin ya shiga? Akwai wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Maman Fadila: Allah ya ba Mama lafiya. Haraji suka cusa a ciki, haka suke yi.

Baba Ilu: Maman Fadila, haraji layinsa daban. Na daɗe ina haɗa albashin ma'aikata kafin in yi ritaya. Sagir, raba 18,000 gida uku, ka samu 6,000. Ninka shi sau 22, ga 132,000 ya fito cif. Wato da ranakun aiki suka raba, kai kuma da kwanakin wata. Duk biyun ana yi, ƙa'idar wajen aikinku ce za ta raba gardama. Masu rabawa gida 30 ma, wasunsu har da ranakun hutun mako suke ƙirgawa idan sun faɗo a tsakiya. Ni ba nan hankalina yake ba. Fansho da haraji sun sauka kuwa?

Sagir: Baba, ko kaɗan. Fansho 10,560 kamar kullum, haraji ma bai motsa ba.

Baba Ilu: To ka gani. Wannan kashi 8 cikin ɗari ne na 132,000. Da a kan 114,000 da ya rage aka lissafa, 9,120 zai zama. Na fansho da sauƙi, wasu tsare-tsaren a kan cikakken albashi suke cira, kuma in ana zubawa, asusunka ya shiga. Harajin ne abin bi, don an karɓa a kan kuɗin da ba a biya ka ba. Alama ce an gama lissafi sannan aka cire kuɗin hutun daga ƙasa, yawanci saboda takardar hutun ta iso ofishin albashi a makare.

Nura: Ni rance na ci a wajen aiki, biyan wata 12. Wata na 13 suka sake cira. Na jera takardun albashina 12 a kan tebur ɗin akanta, ya ce ba wanda ya turo masa umarnin tsayarwa. Sai bayan wata biyu aka maido mini.

Maman Fadila: Nura, ka ci sa'a ka adana su. Ni ko buɗe tawa ba na yi.

Sagir: Na je yau. Akanta ya yarda da maganar haraji, ya ce zai gyara a albashi mai zuwa. Batun 22 ko 30 kuwa, takardar ɗaukata aiki ba ta ce komai ba, shi ma ya ce haka ya tarar ana yi.