Neman kalmar Hausa: tsarin tunanin mai gadi a wasan saɗaɗa

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta darasi kan mai gadin da ɗan wasa ke laɓe wa, wanda yake sintiri, ya ji motsi, ya bincika, ya bi mutum da gudu, ya kira 'yan'uwansa. Manhajar ƙera wasannin kwamfuta ta Unreal Engine tana nuna State Machine da Behavior Tree, hanyoyi biyu na tsara tunanin irin wannan mai gadi. Na kira su "injin hali" da "bishiyar hali", amma sai suka zama kamar abu ɗaya. Ina neman gyara.

Mai shirya wasanni: Wa alaikumus salam. Malam, aikinsu ne zai ba mu sunan. A na farko, mai gadi yana cikin yanayi guda a kowane lokaci, kuma kai ne za ka zana kowace hanyar fita daga wannan zuwa wancan. Idan yanayi 8 ne, hanyoyin suna iya kaiwa 56, kuma ranar da ka ƙara "ya ga gawar abokinsa" sai su kai 72, domin yana iya ganinta yana sintiri ko yana bincike, kuma mantawa da hanya ɗaya ta isa ta sa ya wuce gawar bai kula ba. A bishiya kuwa reshe ɗaya za ka ƙara ƙarƙashin Selector, wanda yake gwada rassa daga hagu zuwa dama har ɗaya ya yi nasara. Don haka ina ganin "tsarin sauyin yanayi" da "bishiyar fifiko".

Ɗaliba: Tunda bishiyar ba ta tuna komai, zaɓi kawai take yi, me zai hana a ce "bishiyar yanke shawara"?

Mai shirya wasanni: Malama, wannan sunan ya fi dacewa da wata bishiyar daban, wadda take ba da amsa nan take ta ƙare. Tamu tana riƙe aikin da bai kammala ba, kamar tafiya zuwa inda aka ji motsi. Amma kin taɓo matsalar gaske: idan sharaɗin bin mutum shi ne ganinsa kawai, da zarar ɗan wasa ya shiga bayan ginshiƙi sai mai gadi ya koma sintiri, ya sake gani ya sake bi. Maganin shi ne a ajiye wurin da aka gan shi na ƙarshe a Blackboard, wanda zan kira "allon tuni".

Malamin Hausa: "Allon tuni" ya zauna. "Sauyin yanayi" kuwa kunne ya riga ya ba wa ɗumamar duniya, saboda haka na fi son "tsarin sauya matsayi". "Fifiko" ma bai ɗauki Sequence ba, wanda jerin matakai ne.

Mai tambaya: Na karɓi "tsarin sauya matsayi" da "allon tuni". Bishiyar kuwa zan rubuta "bishiyar ɗabi'a" kafin a kawo wanda zai haɗa fifiko da jeri.