Kafin Ka Amsa Imel Ɗin Ɗaukar Aiki

Masu duba irin waɗannan saƙonni sun haɗu kan abu ɗaya: a dubi adireshin mai aikowa, ba sunan da ya bayyana ba. Suna kam, kowa zai iya rubuta shi. Idan saƙo ya ce daga hukumar gwamnati yake, amma adireshin ya ƙare da @gmail.com maimakon .gov.ng, akwai lauje cikin naɗi.

Sai batun kuɗi. Wanda ya ce ka tura naira 15,000 na fom ko gwajin lafiya cikin asusun wani mutum kafin ganawa, ɗan damfara ne.

Amsa ɗaya ta isa: “Don Allah a turo mini sunan muƙamin da adireshin ofis.” Kada ka haɗa da BVN, NIN ko OTP. Lambar wayar kamfanin kuwa, nemo ta da kanka, domin ta cikin saƙon tana iya zama ta 'yan damfara.