Sabulun salo a fuska: wa ya karɓa, wa ya ƙona?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Fuskata ba ta son wahala, ko turare ya taɓa ta sai ta yi ja. Da damina na fara wanke ta da sabulun salo, ƙurajen goshina suka kwanta. Sanyi na shigowa sai gefen hanci da bakina suka fara raɗaɗi suna saɓa, kuma sabulun ɗaya ne ban canza ba. Wadda ta taɓa gwadawa ta faɗa min yadda ta ƙare da shi.

Ummi: Na jabu aka sayar miki. Na asali toka ce da mai kawai, babu kemikal, ba ya ƙona kowa. Duba launinsa: na gaske ruwan ƙasa ne mai dabbare-dabbare, yana marmashewa a hannu. Wanda ya yi baƙi ƙirin sumul, sau da yawa rini aka zuba masa.

Hajiya 'Yar Kumasi: Ummi, kin yi daidai a kan launi, amma na asalin ma yana ƙuna. A zangon Kumasi na tashi ina ganin masu dafa shi, alata samina ake ce masa a can. Ɓawon koko ake shanyawa, wasu su haɗa da ɓawon ayaba, a ƙone ya zama toka. A zuba tokar a kwando mai ƙyalle, a kwarara ruwa ya tsiyaye, kamar dai ruwan tokar da iyayenmu ke sa wa miya idan babu kanwa, sai dai wannan tafasa shi ake yi har ya yi kauri, in ya ɗiga miki a hannu sai kin ji. Shi ake haɗawa da man alayyadi ko man kaɗanya a kan wuta, a yi ta juyawa awanni, ya yi kumfa ya taso, ya koma ya daskare, sannan a ajiye shi kamar mako biyu ya huce.

To da ido ake auna komai. Tokar yau ba ƙarfinta ɗaya da ta gobe ba. Idan mai ya yi kaɗan, kaifin tokar bai gama cinyewa ba, yana nan a cikin sabulun. Shi ya sa mace ɗaya za ta dafa tukunya biyu, ɗaya ta yi laushi, ɗaya ta yi zafi. Mai dafawa kan ɗan taɓa da harshe. In ya tsikare ta, ta san bai nuna ba.

Zee: Ni ina zuba kurkum da lemon tsami a nawa. Nawa ake sawa don a yi haske da wuri?

Anti Nas: Zee, ba haske ake magana ba, kuma ki cire lemon tsamin nan, a fatar da ta riga ta tsage ƙarin wuta ne. Maman Ilham, a asibiti nake aiki, kuma ni ma fuskata irin taki ce. Akwai ma'aunin tsami da kaifi, pH. Fatar mutum tana wajen 5, wato tana da ɗan tsami, shi ke taimaka mata riƙe danshi. Duk sabulun da aka dafa da mai da toka ko soda yana wajen 9 zuwa 10, ko da tukunyar ta nuna sarai. Ba a iya sauko da shi zuwa 5 ya ci gaba da zama sabulu. In an cika masa tsami, tsinkewa yake yi ya daina kumfa. Bayan wanki fata na ɗaukar awanni kafin ta koma daidai. Mai maiƙo tana jurewa. Busasshiya kuwa, ga iskar hunturu, kafin ta farfaɗo an sake wanke ta. Ina ganin abin da ya same ki ke nan. Ni na daina sa shi a fuska, da shi nake wanka kawai.

Ummi: To ai ni shekara da shekaru ina zuba zuma da man kaɗanya a nawa, ban taɓa saɓa ba.

Anti Nas: Suna rage bushewa, gaskiya ne, amma kaifin yana nan. Wataƙila fatarki ce mai maiƙo.

Hajiya 'Yar Kumasi: 'Yata, in ba za ki iya rabuwa da shi ba, kada ki goga curin a fuska, akwai burbushin toka da ke karce fata. Gutsuri kamar ƙwayar gyaɗa, ki murza a tafin hannu, kumfar kawai za ki shafa ki ɗauraye nan take, ki bi da mai tun fuskar na da lema. Masu barinsa ya bushe a fuska su ne ke kuka. Amma yanzu ki dakata har raɗaɗin ya warke.

Maman Ilham: Na gode Hajiya, na gode Anti. Na ajiye shi tun jiya. In bazara ta yi zan gwada kumfar a bayan kunne tukuna. Ummi, zumar cokali nawa kike sawa?